Wasiƙar Farko Zuwa Masana'anta: Tambayoyi Uku da Mai Shagon Injin Ban Ruwa Zai Yi Tun da Damina

Manomin rani a Kura ko Kadawa yakan shiga kasuwa neman injin ban ruwa ne da kaka, idan ya sayar da amfanin damina ya sami abin hannu, yana shirin zuba tumatir ko albasa ko alkama. Mai shagon da zai sayar masa da injin kuwa, idan har daga masana'anta yake son ɗauko kayansa kai tsaye, to tun cikin watan Yuni aikinsa ke farawa, lokacin da ruwan sama ya sauka babu mai tunanin ban ruwa. Kuma abin da zai fara yi shi ne zama ya rubuta wasiƙa.

Yawancin ƙananan injunan fetur da ake gani a bakin fadamu da rijiyoyin burtsatse daga ƙasar Sin suke fitowa, kuma birnin Chongqing na cikin manyan cibiyoyin ƙera su. Mutumin da ke da shago a Sabon Garin Kano, wanda ya saba sarin goma goma ko ashirin ashirin daga hannun dillalan Legas, wata rana zai zauna ya yi lissafin ribar da ke zubewa tsakaninsa da masana'anta, ya ce bari ya gwada da kansa. Ya samo adireshin wani kamfani a jikin kwali, ko wani ɗan'uwa da ya je baje kolin Guangzhou, wanda ake yi kowace shekara a watan Afrilu da Oktoba, ya kawo masa katinsu. Abin da ya fi faruwa daga nan shi ne ya aika saƙo mai layi ɗaya: nawa ne injin ban ruwa? Ko dai a yi shiru, ko a turo masa lamba ɗaya tal, a ce dala sittin. Wannan lambar ba ta gaya masa komai ba, domin bai san wane inji ake nufi ba, bai san guda nawa zai saya kafin a ba shi a haka ba, bai kuma san a ina za a miƙa masa kayan ba. Dala sittin a ƙofar masana'anta da dala sittin a tashar Apapa, tsakaninsu akwai tazarar da ta isa cinye ribar shekara.

Wasiƙar kirki ita ce wadda idan amsarta ta dawo, mai shago zai iya ɗaukar alƙalami ya fitar da abu biyu: nawa inji ɗaya zai tsaya masa a ƙofar shagonsa, da kuma makon da zai iso. Ga yadda irin wannan wasiƙar za ta kasance. Da Turanci za a aika ta, amma ya fi kyau mutum ya fara tsara ta da harshen da yake tunani da shi, sannan a juya masa.

"Zuwa ga Shugaban Sashen Sayarwa Ƙetare. Bayan gaisuwa, ni ɗan kasuwa ne a birnin Kano da ke arewacin Najeriya, ina da shagon sayar da injunan ban ruwa da kayan gyaransu ga manoman rani. A shekara nakan sayar da kimanin guda 600, akasari masu bakin inci 2 da inci 3, kuma har zuwa yanzu daga hannun masu shigo da kaya nake saye. Ina so in fara hulɗa da ku kai tsaye. Da farko ina roƙon ku turo mini jerin samfuran da kuke ƙerawa a waɗannan girman biyu, kowanne da lambarsa, girman injinsa, yawan ruwan da yake fitarwa a awa ɗaya, zurfin da yake iya zuƙowa, nisan da yake turawa sama, nauyinsa da girman kwalinsa. Ku sanar da ni ko kuna da mai aiki da fetur da gas duka biyu. Na biyu, mene ne mafi ƙarancin adadin da kuke karɓa a kowane samfuri, kuma za ku yarda a haɗa samfuri biyu a kwantena ɗaya mai ƙafa 20? Idan ina son a buga sunan shagona a jikin inji da kwali, adadin zai canza? Na uku, ina son farashi iri biyu, ɗaya FOB Shanghai, ɗaya CFR Apapa, tare da kwanakin da aikin zai ɗauka daga ranar da kuka karɓi kafin alƙalami, da tsarin biyan kuɗi, da tsawon lokacin da farashin zai tsaya bai canza ba. Ku kuma tabbatar mini ko kuna da takardar SONCAP mai rai a kan waɗannan samfuran. Ina buƙatar kayan su iso Kano kafin tsakiyar Nuwamba. Na gode, ina sauraron amsarku."

Wasiƙar ba ta da tsawo, amma kowace jimla a cikinta tana da aikin da take yi. Mu fara da gabatarwar. Ma'aikacin da ke karanta irin waɗannan saƙonni a can yana samun su da yawa a kullum, kuma yana rarrabe mai saye daga mai tambayar iska ne ta abin da mutum ya faɗa game da kansa. Wanda ya ambaci garinsa, sana'arsa da adadin da yake sayarwa, za a zauna a yi masa lissafi. Sai dai kada ɗan kasuwa ya zuzuta kansa. Wanda ke sayar da 600 ya ce 6,000, za a ba shi farashin mai manyan kwantenoni, ya gina lissafinsa a kai, ranar da ya faɗi ainihin abin da zai iya saya farashin ya tashi, amanar da ake shirin ƙullawa kuma ta sami tabo tun ba a fara ba.

Tambayar samfuri

Masana'antu da yawa suna kiran mai bakin inci 2 da WP20, mai inci 3 kuma WP30. To amma lambar ba ta isa ba, saboda WP30 na wannan kamfani da na wancan suna iya zama abu biyu daban. Injin da aka fi ɗora wa waɗannan famfunan shi ne dangin 168F, kuma yana zuwa da girma biyu: mai sisi 163 da ake kira ƙarfin doki biyar da rabi, da mai sisi 196 da ake kira shida da rabi. A ido kusan ɗaya suke, fentinsu ɗaya, tankinsu ɗaya. Idan mai shago bai tambayi girman injin ba, yana iya karɓar ƙaramin a farashin babba, kuma manomi ne zai fara ganewa idan ya ja tiyo mai tsawo ya ga ruwa na fita da ƙyar.

Sai alƙaluman ruwa. Mai inci 2 yakan fitar da wajen lita dubu talatin zuwa talatin da shida a awa, mai inci 3 kuma wajen dubu hamsin da biyar zuwa sittin, idan ruwan na kusa kuma ba a tura shi sama sosai ba. Zurfin zuƙowa kuwa ba ya wuce mita 7 zuwa 8 a irin waɗannan injunan. Wannan iyaka ce ta halitta: nauyin iskar duniya ne ke tura ruwa cikin tiyon zuƙa, kuma ko da inji ya kai matuƙar inganci ba zai ɗaga ruwa ta wannan hanyar fiye da mita goma da 'yan kai ba. Saboda haka duk kamfanin da ya amsa cewa famfonsa na zuƙo ruwa daga mita 15 yana zaune a doron ƙasa, ko bai san abin da yake sayarwa ba, ko yana ganin mai tambayar bai sani ba. Ni a wurina wannan amsa ɗaya ta isa a rufe maganar da shi.

Akwai abubuwan da takardar talla ba ta faɗa sai an tambaya a wasiƙa ta biyu. Fankar da ke cikin famfon, ta baƙin ƙarfe ce ko ta alminiyam? Ruwan rijiyoyin fadama yana zuwa da yashi, kuma yashi ya fi saurin cinye alminiyam. Injin yana da na'urar da ke kashe shi idan baƙin mai ya yi ƙasa? Me ke cikin kwalin banda injin: matacin bakin tiyo, maɗaurai, abin kwance fulogi? Abu mafi nauyi kuma shi ne kayan gyara. Sil ɗin da ke hana ruwa shiga tsakanin famfo da inji, kafireto, da igiyar tayarwa su ne suka fi saurin lalacewa. Idan na wannan samfurin sun yi daidai da waɗanda ke cike da kasuwa, makanikin ƙauye zai gyara cikin awa ɗaya. Idan na musamman ne, injin zai kwanta a tsakiyar rani tumatir na ƙonewa, manomi kuma sunan shagon da ya sayar masa zai riƙe, ba ruwansa da wata masana'anta a Chongqing. Masana'antu da dama sukan ƙara wani ɗan kaso na kayan gyara kyauta a cikin kwantena, amma ga wanda ya nema kuma ya sa aka rubuta.

Tambayar gas kuwa ta zamani ce. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, manoma da yawa suka koma sauya kafireton injinsu domin ya yi aiki da gas ɗin girki. Mai shagon da ya kawo injin da ya fito da wannan tsarin tun daga masana'anta ya riga abokan sana'arsa taki ɗaya.

Mafi ƙarancin adadi

A amsar da za ta dawo za a ga haruffa uku, MOQ, sai lamba a gabansu. Shi ne adadin da masana'anta ba ta karɓar ƙasa da shi. Mutane kan ɗauka wulaƙanci ne ga ƙaramin ɗan kasuwa, alhali lissafi ne. Kafin a haɗa samfuri ɗaya sai an tsayar da layin aiki an shirya shi, an sayo tankoki da firam daga wasu masana'antun da su ma suke da nasu ƙa'idar, an buga kwali a wurin mai buga kwali wanda ba zai kunna na'urarsa saboda guda talatin ba. Shi ya sa adadin yakan yi sauƙi idan mutum ya yarda da launin kamfanin da sunansa, ya kuma yi tsalle idan ya ce sai an buga nasa sunan. Ga mai farawa, shawarata ita ce ya bar maganar buga suna sai zuwa na biyu. Ya fara ganin kayan a hannun manoma tsawon rani guda kafin ya liƙa sunansa a jikinsu.

Akwai wani adadin kuma da kwantena ce ke yanke shi. Mai ƙafa 20 tana da fili kimanin mita kubik 33 a takarda, amma abin da ake iya cikawa da kwalaye bai cika wuce 28 ba. A ce kwalin mai inci 3 yana da tsawon santimita 51, faɗi 39, tsayi 44. Idan aka ninka su za a sami kusan 0.09 na mita kubik, ke nan kwantenar za ta ɗauki guda ɗari uku da 'yan kai. Nauyi ba zai zama matsala ba, don guda ɗari uku masu kilo ashirin da biyar zuwa talatin ba su kai tan goma ba, fili ne zai fara cika. Wannan ne dalilin tambayar girman kwali a wasiƙar, domin mai shago ya yi lissafin da kansa maimakon ya jira a gaya masa.

Yanzu a ce masana'anta ta amsa cewa mafi ƙaranci shi ne guda 100 a kowane samfuri, kuma ta yarda a gauraya. Mai shagonmu ya san cewa a wurinsa mai inci 3 ya fi tafiya, sai ya tsara guda 200 nasa, wanda zai ci mita kubik 18. Kwalin mai inci 2 ya fi ƙanƙanta, a ce 0.075, don haka guda 130 za su ci ƙasa kaɗan da 10. Jimla ta kusa 28, kwantena ta cika da inji 330, fiye da rabin abin da yake sayarwa a shekara. Anan ne ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa ko jarinsa zai iya kwanciya wata biyar a hanya, sannan ya ƙara wasu watannin a rumbun ajiya. Idan ba zai iya ba, hanya biyu ce. Ko ya haɗa kai da abokan sana'a biyu ko uku su cika kwantena ɗaya, su rubuta rabon kowa tun kafin a tura kuɗi, ko ya bi ta masu haɗa kayan mutane daban daban a kwantena guda, irin waɗanda ke da yawa a Guangzhou, suna caji gwargwadon filin da kaya suka ci. Hanya ta biyu ta fi tsada a kan kowane inji, kwalaye kuma sun fi shan wahala a lodi da saukewa, amma ta dace da gwajin guda talatin ko hamsin.

Inda kaya ke canza hannu

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi yin asara a kansa, kuma haruffa uku ne kacal ke ɗauke da shi. Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Faris ita ke fitar da ƙa'idodin da ake kira Incoterms, tun daga 1936, kuma na baya bayan nan su ne na 2020, masu sharuɗɗa goma sha ɗaya. Uku daga ciki ne mai shagonmu zai fi cin karo da su. EXW na nufin kaya na ƙofar masana'anta, ka zo ka ɗauka, duk abin da ya biyo baya naka ne, har da takardun fitar da su daga ƙasar. FOB na nufin mai sayarwa zai kai su tashar da aka ambata, ya gama da kwastan ɗin ƙasarsa, ya ɗora su a jirgi, daga nan kuɗin jirgi naka ne. CFR kuwa ya haɗa da kuɗin jirgin har tashar da aka ambata a wannan ɓangaren.

Sunan tashar da ke biye da haruffan yana da nauyi daidai da su. Chongqing ba a bakin teku take ba, tana can ciki a kan kogin Yangtze, fiye da kilomita dubu biyu daga Shanghai ta ruwa. Kwantenar da aka ɗora a jirgin kogi sai ta ratsa ƙofofin babbar madatsar ruwan da ke kan hanyar, inda jirage kan yi layi, kafin ta isa inda manyan jiragen teku suke. Wanda aka ba FOB Chongqing ya kwatanta shi da FOB Shanghai na wani kamfanin kamar abu ɗaya ne, ya manta da kuɗin wannan tafiyar da kwanakinta.

Mu ɗauki alƙaluma na misali kawai, don farashin gaske yana sauyawa wata zuwa wata. Kamfanoni uku sun amsa a kan inji iri ɗaya. Na farko ya ce dala 60 EXW, na biyu ya ce 65 FOB Shanghai, na uku ya ce 76 CFR Apapa. Ido zai tafi kan na farko. Amma a ce ɗauko kwantenar daga masana'anta, takardun fita da kai ta cikin jirgi a Shanghai za su ci dala 2,100, wato 7 a kan kowane inji idan guda 300 ne. A ce kuma kuɗin jirgi zuwa Legas dala 3,000 ne, wato 10 a kan kowanne. Na farko ya koma 77, na biyu 75, na uku yana nan a 76. Wanda ya fi kama da araha shi ne mafi tsada, ga kuma wahalar neman wakilin da zai yi maka hidima a ƙasar da ba ka jin yarenta. Dalilin da ya sa wasiƙar ta nemi farashi biyu ke nan: idan aka cire FOB daga CFR, abin da ya rage shi ne kuɗin jirgin da kamfanin ya ɗora, sai mai shago ya kai wa wani wakilin jiragen ruwa ya ji ko an yi masa ƙari.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba sai ya same su: a CFR, mai sayarwa ne ya biya jirgi, amma hatsarin kayan ya dawo wuyan mai saye tun daga lokacin da aka ɗora su a jirgi a can. Idan kwantena ta faɗa teku ko ruwa ya shige ta a hanya, masana'anta ta riga ta sauke nauyinta. Inshora ce kaɗai ke tsayawa, kuma dokar Najeriya ta ce kayan da ake shigowa da su kamfanin inshora na cikin gida ne zai tsaya musu. Shi ya sa wasiƙar ba ta nemi CIF ba, wanda ke haɗa inshorar can a cikin farashi. Sannan CFR Apapa yana ƙarewa ne a Apapa. Harajin kwastan, harajin kaya na kashi bakwai da rabi cikin ɗari, kuɗin tasha, ladan wakilin fito da kaya, da motar da za ta yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Kano, duk suna gaba, kuma sai an tara su an raba da yawan injunan kafin a san ko cinikin ya fi sari daga Legas. Wani lokacin lissafin zai nuna bai fi ba, kuma gara a gane haka a kan takarda.

Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram shi ma wannan wasiƙar zai rubuta, illa dai ƙasarsa ba ta da teku, don haka tashar da zai ambata ta wata ƙasa ce, kamar Lome, kuma tafiyar ƙasa da ke bayanta ta fi ta Kano tsawo da tsada.

Takardu da kwanaki

Jimlar SONCAP da ke kusa da ƙarshen wasiƙar gajera ce, amma tana iya tsayar da cinikin gaba ɗaya. Kafin a yi lodin kaya zuwa Najeriya sai mai saye ya buɗe Form M ta bankinsa, kuma ga kayan da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ke sa wa ido, ba a buɗe shi sai da takardar shaidar ingancin samfurin. Masana'antar da ta saba aiko da kaya Najeriya za ta amsa nan take, wataƙila har da kwafin takardar. Wadda ta tambaya mene ne wannan, ta nuna ba ta taɓa bin hanyar ba, kuma samun takardar zai ci makonni da kuɗin gwaji da ya kamata a san wa zai biya. Bankin zai kuma nemi takardar da ake kira Proforma Invoice, mai ɗauke da bayanin kaya, adadi, farashi da kuɗin jirgi a ware. Abin da aka rubuta a cikinta shi ya kamata ya bayyana a sauran takardun har zuwa lokacin da kwastan za su fitar da PAAR, domin saɓanin lambar samfuri ko adadi tsakanin takarda da takarda yana tsare kwantena a tasha, kamfanin jirgi kuma yana ƙirga kuɗin jinkiri kullum da zarar kwanakin kyauta sun ƙare.

Idan aka jera kwanakin, za a ga dalilin watan Yuni. Musayar wasiƙu da ganin inji ɗaya ko biyu na gwaji za su ci wata guda. Banki da takardu, mako biyu. Aikin masana'anta yakan ɗauki kwana talatin zuwa arba'in da biyar, kuma ba ya fara ƙirguwa sai kafin alƙalami ya shiga asusunsu. Kogi zuwa Shanghai, kusan mako biyu. Teku zuwa Legas, mako shida ko bakwai. Fito da kaya da hawa mota, mako biyu zuwa uku idan babu tangarɗa. An tasam ma wata biyar zuwa shida ke nan. A tsakiya akwai hutun ƙasa na Sin a makon farko na Oktoba, don haka a yi ƙoƙari kaya su bar can kafin ƙarshen Satumba. Wanda ya makara har lodinsa ya faɗa sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa makonni, injunansa za su iso ne ana shirin shukar damina.

Game da biya, abin da aka fi gani shi ne kashi talatin cikin ɗari tun farko, sauran saba'in kafin lodi ko bayan an nuna kwafin takardar lodin jirgi. Na biyun ya fi wa mai saye kwanciyar hankali, kuma ya cancanci a nema. Kafin a tura ko sisi, a nemi kwafin lasisin kasuwancin kamfanin. Yana ɗauke da lambar rajista mai harafi da lamba 18 da bayanin irin aikin da aka yarje masa, wanda daga nan ake gane mai ƙerawa daga dillali. Dillali ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ya fi karɓar ƙaramin adadi, amma ya kamata a san da wa ake magana. Sunan da ke kan asusun banki kuma dole ya zama sunan kamfanin da ke kan takardu. Idan ana tsakiyar ciniki wani saƙo ya zo cewa an canza asusu, a tura kuɗin wani wurin, kada a amsa ta wannan saƙon. Wannan tsohuwar hanyar 'yan damfara ce, masu kutsawa cikin imel su kwaikwayi adireshin kamfani da bambancin harafi ɗaya. A ɗauki waya a kira lambar da aka sani tun farko. Agogon Sin yana gaban na Najeriya da awa bakwai, saboda haka mai son ya sami mutum a ofis sai ya kira bayan sallar asuba, kafin ƙarfe goma na safe.

Amsar da ta dawo ita ma ana karanta ta kamar yadda aka karanta wasiƙar. Kamfanin da ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ba da alƙaluma, ya faɗi abin da ba shi da shi, ya fi wanda ya turo hotuna masu ƙyalli da farashi ɗaya ya tsallake maganar kwanaki da takardu. Idan an tsallake tambaya, a maimaita ta ita kaɗai a saƙo na gaba, kuma duk abin da aka daidaita ta waya ko ta saƙon murya a sa su rubuta shi a cikin takardar farashin. Mai shagon da ke son injunansa su riski kasuwar rani, ya aika wasiƙarsa ga masana'anta uku ko huɗu a rana ɗaya, da tambayoyi iri ɗaya da tasha iri ɗaya, tun kafin watan Yuni ya fita.